Rigar Baba da Rijiyar Chikaji

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kayan Baba a hannun mai wanki ba. Mu yara, da zarar hannunka ya iya matse tsumma an sallame ka, kowa ya ji da nasa dattin. Zannuwan gado da labule kuwa, duk wanda Inna ta kama yana zaman banza shi zai sha su. Amma rigunan Baba da wandunansa da singiletinsa, har hankicin aljihu, wannan hurumin Inna ne ita kaɗai. Ko don neman suna ka ɗauko su ka jiƙa, faɗa za ka sha maimakon godiya. Na taɓa tambayarta dalili, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in na yi nawa mijin in ba duk wanda na ga dama ya wanke masa.

A Samaru aka haife mu duka, a kwatas ɗin ƙananan ma'aikatan jami'a. Baba yana aiki a gonakin gwaji, ya fita da kaki ya dawo da jar laka har gwiwa. Gidan ƙarami ne, amma akwai famfo a bayan kicin, da wata bishiyar mangwaro da muke rabon inuwarta da maƙwabta. Ranar Asabar da hantsi Inna za ta fito da babban bahonta, ta ɗora rediyo a kan taga, ta ɗaure zani a ƙirji, ta zauna a kan 'yar kujerarta. Har yau in na ji ƙanshin omo a ruwa mai sanyi, gindin mangwaron nan nake komawa, ina jin ƙarar famfo a cikin bokitin ƙarfe da muryar Inna tana bin waƙar rediyo ba daidai ba. Ina kewar wannan wuri ƙwarai.

Omo muke kiran duk wani garin sabulu, ko wane kamfani ya yi shi. Inna ba ta auna shi da cokali ko gwangwani. Kumfa ce ma'auninta. Za ta barbaɗa kaɗan a baho, ta kaɗa da hannu, in kumfa ta taso ta rufe mata wuyan hannu sai ta tsaya. Haka ta koya, haka ta koya mana, kuma ma'aunin bai taɓa ba ta kunya ba. Ruwan famfon Samaru daga dam yake zuwa, mara nauyi ne, ɗan abin da ka zuba sai ya tashi fari fat. Ƙullin omo ɗaya sai ya daɗe a gidanmu har mu manta yaushe aka saya.

Cikin kayan Baba akwai wata babbar riga ta shadda, shuɗiya mai duhu kamar za ta yi baƙi, da aikin hannu a wuya. Ita yake sawa ranar Juma'a da wajen ɗaurin aure. Inna ke wanke ta, ta sa mata sitaci, ta shanya a inuwa a juye don kada rana ta ci launin, sannan ta goge da dutsen guga na gawayi ko da akwai wuta. Sau da yawa Baba kan dawo daga masallaci ya ce wani ya tare shi yana tambayar wane mai wanki yake kai wa. Ya ce ya gaya masa a gida ake yi. Yana faɗin haka ne yana kallon bango, kamar da bangon yake hira. Inna ma sai ta yi kamar ba ta ji ba. Amma a daren, nama a kwanon Baba ya fi na kullum yawa, mu kuwa sai mu bi shi da ido. Iyayenmu ba irin masu faɗa wa juna magana mai daɗi a gaban yara ba ne, a bayan ido ma ina shakka. Da na girma na gane wankin nan shi ne hanyar da Inna take faɗar tata.

Da Baba ya yi ritaya dole muka bar kwatas. Ya daɗe yana gina ɗan gida a Chikaji, cikin Sabon Gari, bulo kaɗan bana, kwano baɗi. Muka tare bayan damina ta ɗauke. Yayyena duk sun kama gabansu, ni ce auta, ni kaɗai na rage, ina karatu a jami'a, kullum da safe in bi motar haya zuwa Samaru in dawo da yamma. Unguwar ba ta yi kama da inda muka baro ba. Ƙarar masu walda da injin niƙa tun safe, manyan motoci suna wucewa gini na rawa, a bakin titi kuma Hausa da Turancin buroka a cakuɗe. Babu famfo. Rijiya ce a tsakar gida, wadda Baba yake alfahari da ita fiye da ginin kansa. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya leƙa ta. Ruwanta garau ne, ga sanyi, ba ta ƙafewa ko da rani. Yana da ɗan nauyi a harshe, shayi kuma yakan yi wata 'yar yana a sama, amma muka ce baƙunta ce, za mu saba.

Asabar ɗin farko na ja wa Inna ruwa na cika mata baho. Ta barbaɗa omo yadda ta saba, ta kaɗa. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara, 'yar kumfar da ta taso ta kwanta nan take. Ta ƙara, ta kaɗa, ta sake ƙarawa. Kafin kumfa ta kai mata wuyan hannu ta zuba abin da a Samaru zai yi mata wanki uku ko fiye.

"Wannan omon jabu ne," in ji ta. "'Yan Sabon Gari sun fara nuna mana hali."

Washegari da kayan suka bushe, fararen ba su yi hasken da muka sani ba, masu duhun kuma suka fito da wasu fararen zane-zane a inda aka matse su, kamar an goga musu alli. Ta kakkaɓe, ba su fita ba. Ta goge da jiƙaƙƙen tsumma suka ɓace, da wurin ya bushe suka dawo.

Daga nan aka shiga. Ta aike ni shagunan PZ in sayo wani iri, na sayo. Shi ma ta ce jabu ne. Na sayo na uku mai tsada, mai shagon yana rantse mini da abin da zai kashe shi cewa ko bakanike ya wanke kayansa da shi sai ya shiga da su ɗaurin aure. Duk ɗaya. Lissafin Inna a miƙe yake: tunda kumfa ba ta tashi, omon bai isa ba, tunda bai isa ba, farin da take gani a jikin kaya datti ne da bai fita ba, maganinsa kuwa a ƙara omo. Sai ta ƙara. Ta zo ta haɗa da sabulun sanda, tana goga shi a wuyan riga da hammata, sai wani abu toka-toka mai danƙo ya riƙa tasowa saman ruwa yana manne wa bakin baho. Ga shi ɗauraya ta ragu, domin a Samaru famfo za ka buɗe, nan kuwa kowane bokiti da guga ake jawo shi, ni mai jan kuma rabin rayuwata a mota take. Singiletin Baba suka koma ruwan toka, suka yi tauri, in ka ninke su har ƙara suke yi. In ta ɗora dutsen guga a farar riga sai wurin ya yi ɗorawa-ɗorawa. Hannayenta suka tsattsage, tana shafa man kaɗanya tana cije leɓe.

Abin da ya sa lamarin ya yi mata nauyi shi ne, kafin mu taso daga Samaru likita ya gaya mata cewa yanar ido ta fara fitowa a idonta na hagu. Ba ta yi ƙwari ba, ya ce a jira. Inna ta haɗa wannan da wancan ta yanke wa kanta hukunci: tsufa ne ya zo, ido ya tafi, hannu ya mutu. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma na gani. Ta cire igiyar shanya daga tsakar gida ta mayar lungun bayan ɗaki inda mai shigowa ba zai gani ba. Rediyo ya daina fitowa ranar Asabar. Wata rana ta kira ni lungun, ta ɗaga shuɗiyar rigar nan a haske.

"Auta, duba mini. Akwai fari a jikin rigan nan?"

"Akwai, Inna."

"Ni ma na gan shi," ta ce. "So nake in ji ko har yanzu abin da kuke gani shi nake gani."

Na shiga ɗaki na zauna, tausayinta ya cika mini ciki, ga haushin rijiya da gida da unguwar gaba ɗaya, ba tare da na san ashe haushin nawa ya faɗi kusa da mai laifin ba.

Baba kuwa bai ce uffan ba. Abin da aka ninke aka ba shi, shi zai sa. Ranar Juma'a ya zura shuɗiyarsa da zanenta na alli, ya karya hula, ya fita. Labarin masu tambayar mai wanki ne kawai ya ƙare.

Ana cikin zafin bazara babban yayanmu ya zo daga Kaduna ya yi mana kwana biyu. Yaya mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da in suka ga matsala sai sun kashe ta kafin la'asar, ko da mai matsalar bai nema ba. Suka tafi masallaci tare da Baba, suka dawo fuskarsa a murtuke. Bai bari an gama cin abinci ba.

"Inna, don Allah ki huta haka nan. Kin yi iya naki. Yau a sahu ina bayan Baba, wallahi kunya ta kama ni, rigan kamar an kwana da shi a gidan niƙa. Mutane za su ce 'ya'yanshi suna ina? Ga hannunki duk ya fashe, ga ido. Na yi magana da wani mai wanki a bakin kasuwa, zai riƙa zuwa duk Asabar yana ɗauka. Wannan satin ya yi tafiya, na sama zai fara."

Na buɗe baki zan yi magana ya ce in rufe masa shi, ba da ni yake ba. Inna ta dubi Baba. Baba ya dubi tuwonsa, ya daɗe yana gyara loma ɗaya, sannan ya ce, "Sai abin da uwarku ta ce."

"To," in ji Inna. "Allah ya yi albarka."

Ta tattara kwanuka ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Na san irin wannan "to" ɗin. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

A satin nan hadari ya fara haɗuwa. Ruwan farko muka bar shi ya zuba, domin ba a tararsa, na wanke kwanon rufi ne, jajir yake saukowa. Na biyu ya zo ranar Alhamis da rana, mai ƙarfi, na jawo duro na kafa a bakin indararo ya cika har ya tumbatsa. Ran Juma'a ba ni da lacca. Baba ya sa wata farar riga ya tafi masallaci, daga can zai wuce gaisuwar rasuwa a Unguwar Gabas. Yana fita Inna ta shiga ɗakinsa ta fito da shuɗiyar, wankakkiya, a goge, a ninke.

"Inna, ai wankakke ne."

"Na sani. Gobe mutumin nan zai zo. Ba zan miƙa mishi rigan Malam a haka ba, ya je ya baje a gaban abokan sana'anshi suna tambaya wace ƙazama ce ta wanke. Je ki sayo mini omo, na gidan ya ƙare."

Wato sai ta wanke kaya kafin ta ba mai wanki. Na so in yi dariya, na ga fuskarta, na ɗauki mayafina na fita.

Shagon ba nisa, amma na tarar da layi, ga mai shagon da surutu. Da na dawo, tun daga zaure na ji shiru. Na shigo na tarar da Inna a tsugune gaban baho, hannayenta biyu a ciki, kumfa ta rufe su har kusan gwiwar hannu, tana gangarowa ta bakin bahon zuwa ƙasa. Fara sol, irin ta Samaru.

"A ina kika samu omo?"

"Ban sa komai ba." Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada wani ya ji. "Na ce bari in jiƙa shi da ruwan duro kafin ki dawo, tunda ba ki ja na rijiya ba. Ina cuɗawa kawai sai ga wannan."

Ta zubar, ta ɗebo sabon ruwan sama, ta sake cuɗawa. Kumfa ta sake tashi. Muna tsaye a kanta muna kallo kamar waɗanda aka yi wa rufa-ido, sai muka ji sallama.

Maƙwabciyarmu ce ta jikin katanga, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar nas, kowa a layin Sista yake kiranta. Ta fi shekara talatin a unguwar. Tun da muka tare suke gaisawa da Inna, ta kawo mana abincin Kirsimeti mun kai mata na salla, amma ba su saba har can ciki ba, domin Inna a watannin nan ba ta son mai shigowa. Ran nan ta zo roƙon ruwan sama bokiti ɗaya, nata duron ya huje. Ta ga baho, ta ga fuskokinmu, ta tambayi lafiya. Ni na ba ta labari, Inna tana hararata, ban fasa ba, har zancen mai wankin gobe.

Sista ta riƙe haɓa. "Na wa o! Hajiya, duk watannin nan kina fama, katanga ɗaya tsakaninmu, ba ki ce mini komai ba? Kawo mini butan shayinku."

Na kawo. Ta buɗe murfin ta karkata ta a rana. Gindin butar ya yi wani farin ɓawo mai kauri, ta kankare da farce ya ɓare.

"Kin ga wannan? A cikin ruwan yake, a narke, ido ba ya ganinshi. Dangin farar ƙasa ne, daga duwatsun da ke ƙarƙashin rijiyan yake fitowa. Ruwa mai nauyi muke ce mishi. Ba zai yi miki komai ba in kin sha. Amma in ya haɗu da omo, sai ya kama wani kaso ya riƙe, ya kashe kumfa. In sabulun sanda ne ma ya fi muni, shi ne danƙon nan da kike gani a bakin baho, kuma a jikin kaya yake kwanciya."

"To ai shi ya sa nake ƙarawa," in ji Inna.

"A ƙara, e, amma kaɗan. Ruwan nan ya fi na famfo cin omo, gaskiya ne. In a Samaru tafin hannu ɗaya kike sawa, nan ki sa ɗaya da rabi, ki tsaya. Ya riga ya isa ya fitar da datti ko kumfa ba ta tashi ba. Ba kumfa ke wanki ba, Hajiya. Ke kuwa kina bin kumfa, kina zubawa har ruwan ya kasa narkar da shi. Wanda ya yi yawa ina zai je? Ɗauraya biyu ba za ta fitar da shi ba, balle da wannan ruwan. Sai ya zauna a cikin zare, shi da farar ƙasan, su bushe tare. Sati ya zagayo ki ƙara wani a kai. Wannan kumfan da kike gani, omonki ne na tun tarewanku, yau ya samu ruwa mara nauyi ya fito."

Inna ba mai karɓar magana da ka ba ce. Ta sa na kawo robobi biyu, ɗaya ruwan rijiya ɗaya na duro, ta yage ƙullin da na sayo, ta ɗebi daidai wa daida da yatsu uku ta zuba a kowanne, ta kaɗa da kanta. Na duro ya tashi. Na rijiya ya yi fari-fari ya kwanta. Ta daɗe tana duban robobin nan.

"Ke nan ba hannuna ba ne."

"Hannunki ƙalau, in ban da omon da ya cinye shi."

"Ba ido ba ne."

"Idon da ya ga farin alli a shuɗin riga? Haba Hajiya."

Inna ta yi wata 'yar dariya wadda rabon da in ji ta tun Samaru, ta goge ido da bayan hannu, ta ce kumfa ce ta shigar mata. Ni ma daɗi ya kama ni.

Suka zauna su biyu a kan rigar nan. Sista ta tattare zaninta ta ja kujera kamar gidansu. Suka yi ta ɗauraya da ruwan sama, a zubar a sake, har ruwan ya daina santsi a hannu ya fita garau. Tana yi tana ba Inna sauran dabarun zaman Chikaji: a fara narkar da omon a ɗan ruwan ɗumi kafin a zuba a baho, kada a cusa kaya da yawa wuri ɗaya, sabulun sanda a bar shi sai in da ruwan sama, ɗauraya kuma kada a yi mata rowa ko da jan guga zai karya auta. A ruwan ƙarshe ta sa na matso lemun tsami, na tace, ta zuba kaɗan, ta ce tsami ke narkar da farin nan, ko a buta ma haka ake yi. Aka matse rigar aka shanya a juye. Inna da kanta ta kwance igiya daga lungu ta dawo da ita tsakar gida, ƙarƙashin rumfa.

Sista ta ɗauki bokitinta za ta tafi, har ta kai zaure ta juyo.

"Af, Malam fa? Jikinshi bai dame shi ba? Irin wannan kayan, ga zafin nan, in mutum ya yi gumi omon narkewa yake a fata. Mun sha ganin irinshi a asibiti, ƙaiƙayi kamar mutum ya cire fatan."

"Bai taɓa cewa komai ba," in ji Inna.

"To, madalla," Sista ta ce, ta fita.

Inna ta tsaya a inda take, hannunta a kan igiya.

Da Baba ya dawo, rigar ta sha iska ta kusa bushewa, launinta ya dawo har yana ɗaukar ido, babu ɗigon fari ko ɗaya. Ya yi sallama, ya gan ta, ya ɗan tsaya, ya wuce ya zauna a tabarmarsa bakin ƙofar ɗaki. Ina kicin ina tankaɗe, ƙofa a buɗe. Inna ba ta kawo masa ruwa ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta je ta tsaya a kansa.

"Malam, cire rigan nan."

"Lafiya?"

"Cire. Har singiletin."

Ya yi 'yan kame-kame, ya ce yarinya na nan, ya ce iska ake yi. Ba ta motsa ba. Ƙarshe ya cire. Na sunkuyar da kai don kunya, amma na riga na gani. Bayansa gaba ɗaya, daga kafaɗa har ƙugu, ya yi ja ya yi ɓawo-ɓawo, ga sawun farce, wasu sun warke sun yi baƙi, wasu sababbi. Inda wuyan singileti ke zama ya zana masa layi.

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun da zafi ya shigo. Ina shafa wani mai da na saya a kemis. Da sauƙi."

Nan Inna ta fashe. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ta ce shi wane irin mutum ne, ta ce ashe wata da watanni tana saka shi a cikin wuta da hannunta yana kallonta, ta ce da bakinsa ciwo yake yi da ba zai ce mata kayan nan suna cin jikinsa ba, ta ce ya mayar da ita azzaluma ba ta sani ba. Tana faɗa tana kuka, ba ta ko share hawayen. Baba ya bar ta har ta gaji. Yana zaune da singiletin a hannu yana jujjuya shi.

"Ban san ruwa ba ne," ya ce. "Ni ma na ɗauka ƙarfinki ne ya ragu. Na ga in na ce miki yana mini ƙaiƙayi, ranan za ki ajiye wankin, ba sai yaron nan ya zo ya faɗa ba. Na ce gara in yi ta susa."

Inna ta juya. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man kaɗanyarta, ta durƙusa a bayansa da tsattsagaggun hannayen nan, ta fara shafa masa a hankali. Ba ta juyo ba ta kira ni.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Kira yayanki. Ki ce mishi ya gaya ma mutumin nan kada ya wahalar da kanshi gobe. In kin gama ki shiga ɗakin babanki ki kwaso mini kayanshi duka, har na cikin akwati."